Hoton ƙirji ya ce tibi, gwaji ya ce babu

"Assalamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara 3 ya fi wata guda yana tari, sau biyu ana ba shi maganin nimoniya bai daina ba. An yi masa hoton ƙirji aka ce tarin tibi ne, amma gwajin da aka kai lab ya dawo babu komai. Ni da aka ɗaga min hoton ban ga komai ba sai baƙi da fari. Babansa ya ce ba za a ɗora yaro a kan maganin wata 6 saboda hoto kawai ba. Don Allah me likitan ya gani?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Tunda hoton ɗanki ba ya hannuna, bari in ba ki labarin wata baiwar Allah da ta zauna a gabana da kusan irin wannan takarda, in bi da ke ta kan hoton ɗanta yadda na bi da ita. Zan kira ta Maman Abba, ko da yake ba haka ake kiranta ba.

Ta shigo ofis wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da goyo a baya, tana riƙe da hannun Abba, ɗayan hannun kuma da babban ambulan da ta naɗe a leda. Abba yana da shekara 2 da wata 8. Abin da na fara lura da shi, tun kafin a buɗe ambulan, shi ne yaron bai taɓa komai a kan teburina ba. Yaro mai waɗannan shekaru in ya shigo, sai ka ɗauke biro ka ɗauke hatimi. Shi kuwa ya jingina da gwiwar uwarsa yana kallon ƙasa.

Tarin ya kai sati 6. Ba ya tafiya ya dawo kamar na mura, kullum yana nan, dare da rana. Jiki yakan yi ɗumi da yamma, an yi gwajin maleriya sau biyu ba a samu ba. Ya sha amoksisilin na kwana 5, bayan sati biyu aka sake ba shi wani maganin mai ƙarfi daga kemis. Na ɗora shi a sikeli, kilo 10.2. A katinsa na asibiti, wata 4 da suka wuce, an rubuta 11.3. Na ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur, sau 34. Wannan lamba tana da amfani, domin yaron da ke tsakanin shekara 1 zuwa 5 in nimoniya ce ta kama shi, yawanci numfashin yakan kai 40 ko ya haura. Da na sa abin sauraro a ƙirjinsa, hagu lafiya lau, amma a dama akwai wani siririn fito da ke fita duk sanda ya saki numfashi, a wuri ɗaya, ba ya motsawa.

Sai ta zaro hoton. An ɗauke shi ne a wani wuri a unguwarsu, kuma gaskiya ban iya karanta komai a cikinsa ba. Na ce mata sai an sake. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Likita, kuɗi fa muka biya." Na ce na sani, amma ta zo ta gani. Na nuna mata ƙasusuwan nan biyu da ke ƙasan wuya: in yaro ya tsaya sak, bakinsu na ciki yakan yi nisa ɗaya daga ƙashin baya, dama da hagu. A wannan hoton ɗaya ya hau kan ƙashin bayan, ɗayan ya yi can gefe, alamar yaron ya murɗe lokacin da aka danna. In jiki ya murɗe, zuciya da manyan jijiyoyi sukan leƙo gefe guda su yi kama da ƙari. Sannan na ƙirga mata haƙarƙari ta baya, daga sama zuwa inda huhu ya ƙare. A hoto mai kyau ana so a ƙirga 8 ko 9, shaidar cewa yaron ya ja iska ya cika ƙirji. Nan 6 na samu. An ɗauka ne daidai lokacin da ya saki iska yana kuka, huhun ya tsuke ya yi fari-fari ko'ina, zuciya ta baje kamar ta kumbura. Hotuna irin wannan sun sa an rubuta wa yara masu lafiya nimoniya da ciwon zuciya ba iyaka. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa, kafin ya nemi cuta a hoto, yakan fara tambayar kansa ko hoton ma ya cancanci a karanta shi.

Na rubuta mata a ɗauki guda biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Ta tambaye ni ko hasken ba zai cutar da shi ba, tunda an riga an yi masa sau ɗaya. Na ce mata abin da ke shiga jikin yaro a hoton ƙirji guda bai wuce abin da kowannenmu ke ɗauka daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki ba. Ba a yin sa don wasa, amma in da dalili ba abin tsoro ba ne. Ita ce dai, in tana da ciki, kada ta shiga ɗakin ta riƙe shi, a samu wani.

Bayan azahar ta dawo. Na maƙala hoton gaba a kan allon haske, kafin in buɗe baki ta ɗora yatsa a kan gefen da ya fi duhu ta ce, "Innalillahi, duk wannan baƙin ciwon ne?" Kusan kowace uwa haka take yi, kuma ba laifinta ba ne, mun saba baƙi shi ne ɓarna. A hoton ƙirji abin a juye yake. Hasken yana ratsa iska ba tare da wani shamaki ba, sai wurin ya fito baƙi. Ƙashi yana tare shi, sai ya fito fari tas. Tsoka da jini da ruwa da majina suna tsakani, toka-toka zuwa fari. Saboda haka huhu mai lafiya, wanda ya cika da iska, shi ne baƙin. Wurin da ta nuna tana salati shi ne mafi lafiya a ƙirjin ɗanta. Na kuma nuna mata harafin R da ke saman kusurwa, na ce wannan gefen shi ne damar yaro, ko da yake yana hagunmu, domin hoton kamar mutum ne da ya tsaya yana fuskantarki.

Daga nan na ce ta bi yatsana. Na faro daga wuya, inda wani baƙin layi mai kauri ya sauko tsakiyar ƙirji. Wannan ne bututun iska, ya fito baƙi saboda iska ce a cikinsa. Ya sauko ya rabu biyu kamar reshen itace, ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Na hagun ya tafi da faɗinsa har ya ɓace a bayan zuciya. Na daman kuwa, ɗan ƙasa kaɗan da mararrabar, ya tsuke ya zama kamar tsinke, sannan ya sake buɗewa. A daidai wurin da ya tsuke, wani farin dunƙule mai tudu-tudu ya zauna a gindin huhun, inda ya kamata a ga siraran jijiyoyi suna bazuwa kamar saiwa.

Ta ce, "Wannan kuma mene ne?" Na tambaye ta ko ta san kaluluwa. Ta ce sosai, in yaro ya ji ciwo a ƙafa takan fito masa a matsematsi. Na ce to irinta ce, sai dai wannan a cikin ƙirji take. Allah Ya jera irin waɗannan 'yan ƙulle-ƙulle a gefen bututun iska da gindin kowane huhu, aikinsu tace abin da ya shigo. In ƙaramin yaro ya shaƙi ƙwayar cutar tibi, takan sauka a wani ɗan lungu na huhu, wurin da sau da yawa ko a hoto ba ya fitowa, daga nan ta bi hanyar ruwan jiki ta tare a kaluluwar da ke kusa. Kaluluwar ta kumbura. Bututun iskar yaro kuma siriri ne, bangonsa da taushi, sai kumburin ya danne shi. Fiton nan da na ji a gefen dama, iska ce ke matsawa ta wannan ƙaramar kafa. Shi ya sa maganin asma da aka taɓa shaƙa masa bai yi komai ba: asma tana tsuke hanyoyin iska daga ciki, a huhu biyun, wannan kuwa daga waje aka danne, a wuri ɗaya.

Akwai abu na biyu a hoton. Huhun dama kashi uku ne, sama da tsakiya da ƙasa, na hagu kashi biyu. Kashin tsakiya na dama yana jingine da zuciya. In yana da iska, bakin zuciya na wannan gefen yakan fito sarai, fari a jikin baƙi, kamar an ja shi da biro. A hoton Abba bakin zuciya na hagu ya fito tsaf, na dama ya dushe, ba ka iya cewa ga inda zuciya ta ƙare ga inda huhu ya fara. Wato kashin tsakiyar ya rasa iskarsa, ya lotse, domin ƙofarsa ce kaluluwar ta toshe. Wannan farin ne ake ta kira nimoniya ana ba shi magani. Wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, farin yana nan, kuma a ido ɗaya yake da na nimoniya. Abin da ba a duba ba shi ne dalilin da ya sa wurin ya ƙi buɗewa.

Sai na maƙala hoton gefe, wanda mutane da yawa suke ganin ɓarnar kuɗi ne. A hoton gaba, zuciya da manyan jijiyoyi suna rufe mararrabar bututun iska, kaluluwar da ke ƙarƙashinta da bayanta ba ta fitowa da kyau. Ta gefe kuwa babu abin da ya kare ta. A tsakiyar hoton akwai wani baƙin ɗigo, bakin bututun iska ke nan da muke leƙawa ta tsaye, kuma farin tudu ya kewaye shi ta ko'ina. A yaro mai lafiya, jijiyoyin jini suna zagaye wurin ta gaba da sama har su ɗan gangara ta baya, ƙasan a buɗe yake kamar kofaton doki. In kaluluwa ta cike ƙasan da bayan, sai da'irar ta rufe. Maman Abba ta ƙura ido ta ce, "Kamar gammo." Tun daga ranar nan, da wannan kalma nake koya wa ɗalibai.

Kafin in ce mata tibi ne, akwai abubuwa biyu da sai da na kawar a raina. Na farko wani naman da ake kira taimos, wanda ke bayan ƙashin ƙirji a saman zuciya. A jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 2 yana da girma, yakan fito a hoto kamar farin ƙyalle mai kusurwa uku a gefen dama, kuma lafiyayyen abu ne da kowa ke da shi. An sha ɗora yara a kan maganin tibi saboda shi. Bambancin shi ne taimos laushi gare shi, ba ya danne bututun iska, kuma a hoton gefe a gaba yake zama, ba ya kewaye mararraba. Na biyu gyaɗa. Yaron da ya shaƙe da ƙwayar gyaɗa ko wake, ta faɗa bututun dama, shi ma zai yi ta tari da fito a gefe ɗaya, kuma gyaɗa ba ta fitowa a hoto. Na tambaye ta ko akwai ranar da ya ƙware yana cin wani abu, ya yi tari har idonsa ya yi ja, daga nan ciwon ya fara. Ta ce a'a, a hankali abin ya zo. Gyaɗa kuma ba ta kumbura kaluluwa ta yi gammo.

Sannan na yi tambayar da ta fi hoton nauyi: wa ke tari a gidan? Ta ce babu kowa. Na ce a ɗakin wa Abba yake kwana? Ta yi shiru, ta gyara goyonta. Ta ce tun da aka yaye shi, wata 10 ke nan, aka kai shi ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigidan, kuma ya saba da ita har yanzu can yake kwana. Na ce Hajiya tana tari? Ta ce, "Ai nata na tsufa ne, likita, da sanyi. Ta daɗe da shi." Na ce ta rame? Ta ce zannuwanta dai sun yi mata yawa.

Ƙaramin yaro ba ya zuwa kasuwa ya ɗebo tibi. Sau da yawa daga babban da yake zaune gida ɗaya da shi yake samu, kuma in cutar za ta tashi, yawanci cikin shekarar farko bayan ya shaƙa take tashi. Wata 10 a ɗaki mai rufaffiyar taga, a gado ɗaya da mai tari, ya isa.

A nan ne ta ciro takardar lab, irin taki. An gwada bayan gidan yaron a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, an rubuta MTB NOT DETECTED. Ta ce, "To ga shi an ce babu." Na ce mata takardar ba ta ce babu ba, cewa ta yi ba a gani ba a cikin abin da aka kawo. Tibin babba da na yaro ba iri ɗaya suke zama a ƙirji ba. A babba cutar takan ci huhu ta yi kogo, kogon ya cika da ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa, duk tarin da ya yi sai ya fito da su, shi ya sa gwajin majinarsa yake kamawa nan da nan, shi ya sa kuma yake yaɗawa. A ƙaramin yaro ƙwayoyin kaɗan ne, kuma a kulle suke cikin kaluluwa, ba su da hanyar fitowa sosai. Ga shi yaro ba ya iya kakaro majina, haɗiyewa yake yi, dalilin da ya sa ake nemanta a bayan gida, ko a zura siririn roba ta hanci a zuƙo ruwan ciki da sassafe kafin ya ci komai. Ko an yi duk wannan yadda ya kamata, yawancin ƙananan yaran da ke da tibi na gaske gwajinsu ba ya nunawa. In ya nuna, magana ta ƙare, har ma ya gaya mana ko ƙwayar tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. In bai nuna ba, bai wanke yaro ba.

Saboda haka maganar maigidanki tana da gaskiya a rabi. Ba a ɗora yaro a kan magani saboda hoto kawai, kuma ni ma ba zan yi ba. Hoto inuwa ce, ba ya rubuta sunan cuta. Abin da ya sa na ce wa Maman Abba tibi ne, abubuwa ne da suka taru suka nuna wuri ɗaya: tarin da ya wuce sati 2 bai ji maganin nimoniya ba, kilo guda da ya zube a lokacin da ya kamata ya ƙaru, yaron da ya daina wasa, tsohuwa mai tari a ɗakin da yake kwana, sannan kaluluwa a gindin huhu tana danne bututun iska, wadda a cikin duk abin da hoton yaro ke nunawa tana daga cikin waɗanda suka fi karkata ga tibi. Da hoton ne kaɗai, yaron yana ƙiba yana guje-guje, babu mai tari a gida, da na ce a jira a sake dubawa. Ki tambayi likitan ɗanki waɗanne ne ya haɗa, zai gaya miki.

Ta ce, "Amma an yi masa allurar BCG, ga tabon nan a kafaɗarsa." Na duba, yana nan. Allurar tana da amfani ƙwarai wajen kare jarirai daga munanan nau'o'in, wato wanda ke hawa ƙwaƙwalwa da wanda ke bazuwa ta jini, amma ba ta hana irin na Abba gaba ɗaya. Kuma waɗannan munanan su ne dalilin da ya sa ba na son jira in hujjoji sun taru. A yaro ƙarami, musamman wanda bai kai shekara 2 ba ko wanda ya rame, cutar tana iya tsallakewa daga kaluluwa ta shiga jini. In ta yi haka, hoton yakan fito da ƙananan fararen ɗigo-ɗigo birjik a huhu biyun, sama da ƙasa, kamar an watsa gero a faranti. Sunan da likitoci ke kiran wannan nau'in ma daga kalmar gero ya samo asali a Latin. Wanda ya taɓa ganin yaron da tibi ya hau masa kai ba ya son a ce a bari a ga abin da hali zai yi.

Hoton bai tsaya ga faɗin cutar ba, shi ne ya yanke tsawon maganin. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba yara daga wata 3 zuwa shekara 16 maganin wata 4 in tibin mai sauƙi ne, misali kaluluwa ta kumbura amma ba ta danne hanyar iska ba, ko ciwon bai wuce kashi ɗaya na huhu ba kuma babu kogo. Abba bai shiga wannan sahu ba saboda matsewar nan da muka gani, nasa wata 6 ne. Wata 2 na farko ana haɗa magunguna huɗu, rifamfisin da aisoniyazid da firazinamaid da etambutol, sauran wata 4 kuma biyun farko kawai. Na yara ƙwaya ce da ke narkewa a ɗan ruwa a cokali ko ƙaramin kofi, kuma da nauyi ake ƙirga ta: kilo 8 zuwa 11 ƙwaya 2, kilo 12 zuwa 15 ƙwaya 3. Na ja mata kunne a kan wannan, domin kuskuren da aka fi yi ke nan: yaro ya samu sauƙi ya yi nauyi, a ci gaba da ba shi adadin da aka fara da shi, maganin ya yi masa kaɗan. Duk zuwa sai an ɗora shi a sikeli. Maganin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, kada kowa ya karɓi kuɗinta a kansa.

Na gaya mata fitsarinsa zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har hawaye da gumi wani lokaci, wannan rifamfisin ne, kada ta tsorata ta daina. Abin da zai sa ta tsayar da magani ta kawo shi a ranar shi ne idonsa ya yi rawaya, ko ya yi ta amai, ko ƙuraje su feso masa a jiki. In kuma numfashi ya yi wuya, ko ya fara yawan barci da sanƙarewar wuya ko jijjiga, ko da tsakar dare ne a taho. Mun yi masa gwajin ƙanjamau, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka samu da tibi, ya fito babu. Jaririyar da ke bayanta, 'yar wata 7, muka duba ta, lafiyarta ƙalau, amma tunda ita ma tana wuni a ɗakin Hajiya aka ɗora ta a kan maganin rigakafi na wata 3.

Da na gama, ta naɗe hotunan tana mayarwa a ambulan, sai ta tsaya. Ta ce, "Likita, ni ba zan iya zuwa in ce wa Hajiya ita ta sa wa jikanta ciwo ba. Aurena ne." Na ce ba ita za ta faɗa ba. Na rubuta 'yar takarda zuwa ga maigidan cewa ina son ganinsa, kuma ƙa'ida ce duk wanda ke kwana a gidan a duba shi, ba tare da na ambaci kowa ba. Ya zo bayan kwana biyu, fuska a ɗaure, da irin maganar mijinki a bakinsa. Na ɗaga masa hoton gefe na nuna masa gammon, na ajiye katin nauyin yaron kusa da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya ma za a yi mata hoton?" Na ce ita majinarta za a fara gwadawa. Nata gwajin ya kama tun a karon farko, hotonta kuma ya nuna kogo a saman huhun dama.

Bayan sati 2 da fara magani zazzaɓin Abba ya tafi, ya fara neman abinci da kansa. A ƙarshen wata na biyu ya kai kilo 11.6, tarin ya tsaya, fiton ya ragu sosai. Uwar ta roƙi a sake hoto don ta ga gammon ya tafi. Na ce ba yanzu ba, domin kaluluwa tana jinkirin sacewa, takan yi watanni tana fitowa a hoto bayan yaro ya warke, wani lokaci ma ta ɗan ƙara girma a farkon magani. Wanda bai san haka ba sai ya ga hoton ya ce magani bai yi aiki ba, a shiga canje-canje babu dalili. Ana sake hoto ne in yaro bai samu sauƙi ba, ko numfashinsa ya ƙara matsewa, ko a ƙarshen magani don a tabbatar kashin huhun da ya lotse ya buɗe. A wata na huɗu sikeli ya nuna 12.3, muka mayar da shi ƙwaya 3. Ranar ce kuma ya ɗauke min hatimi daga kan tebur, sai da uwarsa ta bi shi har bakin ƙofa ta karɓo.

In za ki koma asibiti, ki tafi da hoton kansa, ba takardar bayaninsa kaɗai ba, da katin da aka taɓa rubuta nauyin yaron, kuma ki yi ƙoƙari babansa ya bi ki. Ki roƙi likita ya nuna muku bututun iska da gindin huhu a kan hoton, ki tambaya ko an ɗauki na gefe. Kafin ku tafi, ku zauna ku biyu ku lissafa duk babban da yaron ya kwana ɗaki ɗaya da shi ko yake wuni a wurinsa cikin shekarar da ta wuce, har da mai aiki da maƙwabciya da wanda ya zo ya yi wata guda ya koma ƙauye.